Na goge manhajar, amma ana ci gaba da cire mini kuɗi duk mako

"Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon ɗinki a Kawo. Kusan wata biyu ke nan ana cire mini kuɗi a asusuna duk mako, alat ɗin yana nuna GOOGLE da wasu haruffa da ban gane ba. Na tuna na taɓa sauke wata manhajar gyara hotuna da aka ce kyauta ce na kwana uku, amma tuni na goge ta. Na je banki sun ce ni na ba da izini. Yaya zan gano abin da ke cin kuɗin, kuma yaya ake fita daga irin wannan gwajin kafin a fara cira?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya mayar miki da alheri.

Rajistar da ke cin kuɗinki ba a cikin manhajar take ba, shi ya sa goge ta bai tsayar da komai ba. Tana cikin asusunki na Google, inda kika saka katin banki. Ranar da kika danna maɓallin fara gwaji, yarjejeniya kika ƙulla cewa idan kwana uku suka cika ba ki ce a daina ba, a fara cirar kuɗi, a kuma riƙa maimaitawa har sai kin hana. Kamar wanda ya kama hayar shago ne ya kwashe kayansa ya tafi bai sanar da mai shago ba, bai kuma mayar da makulli ba: kuɗin haya na nan na hawa kansa ko da bai sake taka layin ba. Google da Apple duk sun rubuta ƙarara a shafukansu na taimako cewa cire manhaja daga waya ba ya soke rajista.

A teburin ƙorafin kati nake aiki a wani banki a nan Kaduna, kuma na san yadda maganar "ke kika ba da izini" ke ƙona rai, domin mutum zai ce ai ba a turo mini lamba ba, ban kuma danna lambar sirri ba. Gaskiyar ita ce a karon farko kaɗai ake neman tabbaci, lokacin da kika saka katin. Daga nan kamfanin da ke karɓar kuɗin yana ajiye wata shaida ta katinki, da ita yake zuwa banki duk lokacin da biya ya zagayo, kuma banki na kallonsa a matsayin ciniki halastacce. Ba a sake turo OTP, ba a tambayar ki komai. Don haka ma'aikacin da ya faɗa miki haka bai yi ƙarya ba, sai dai ya kamata ya nuna miki inda za ki je ki kwance abin. Banki ba shi da ikon shiga asusunki na Google ya soke rajista. Iyakarsa ya toshe kati, kuma zan zo kan abin da toshewar ke yi da wanda ba ta yi.

Ki fara da takardar bayanan asusu, ba da alat ba. Alat na waya gajere ne, sau da yawa yana yanke sunan mai karɓar kuɗin daidai inda ake buƙatarsa, wani lokaci ma ba ya shigowa sam idan sabis ya yi rauni. Ki shiga manhajar bankinki ki fitar da bayanan wata uku aƙalla, in da hali wata goma sha biyu, domin akwai rajistar da sau ɗaya take cira a shekara. Abin da za ki duba shi ne adadi ɗaya da ke maimaita kansa da tazara ɗaya, kwana bakwai-bakwai ko wata-wata, sannan ki karanta abin da aka rubuta a gefensa. Akwai alamomi biyu da suka fi yawa:

```
GOOGLE*
APPLE.COM/BILL
```

Na farko yana nufin an bi ta Play Store ne ko wani sabis na Google, kuma abin da ya biyo bayan tauraron sunan manhajar ne ko sunan kamfanin da ya ƙirƙire ta. Nan ne mutane ke ruɗewa, domin sunan kamfanin kan bambanta da sunan da suka gani a fuskar waya. Na biyu na masu iPhone ne, kuma shi ba ya faɗin wace manhaja ce ko kaɗan. Idan kuwa kin ga sunan kamfani kai tsaye, ko sunan masu karɓar kuɗi a madadin wasu irin su Paystack ko Flutterwave, to a shafin kamfanin aka saka katin, ba ta Play Store ba, kuma can za a je a soke. Kada ki haɗa waɗannan da ƙananan kuɗaɗen da banki ke cira na kansa, irin kuɗin saƙon alat da na kula da kati. Su da sunansu suke zuwa.

Tunda naki GOOGLE ya nuna, aikin a wayarki yake. Ki buɗe Play Store, ki taɓa hotonki ko harafin sunanki da ke sama ta hannun dama, ki shiga Payments & subscriptions, sannan Subscriptions. Duk rajistar da ke da rai za ki gan ta da farashinta da ranar da za a sake cira. Idan kin fi son burawuza, wannan adireshin zai kai ki wuri ɗaya:

```
play.google.com/store/account/subscriptions
```

To, a nan ne mafi yawan waɗanda ke zuwa wurina suke tsayawa. Sai su ce sun duba, shafin fayau yake, babu komai, saboda haka ɓarayi ne suka shiga asusunsu. Kusan kullum abin da ya faru shi ne akwai Gmail fiye da ɗaya a wayar. Yadda muke sayen waya a garin nan ne ya jawo haka: a saya a kasuwa, yaron shago ya buɗe miki Gmail nan take don wayar ta tashi, bayan shekara ki manta kalmar sirri a buɗe wani, ɗanki ya saka nasa don wasa, mai gyara ya saka nasa don ya sauke wani abu ya manta bai cire ba. Kowane asusu da jerin rajistarsa, kuma shafin yana nuna na asusun da kike kai a lokacin kaɗai. Ki sake taɓa hoton nan na sama, ki taɓa 'yar kibiyar da ke gefen sunan, za ki ga duk asusun da ke wayar. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ki shiga Subscriptions ɗinsa.

Wani Alhaji mai sayar da atamfa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ya zo mini wata Talata cikin watan Afrilu, ransa a ɓace, yana cewa a rufe masa asusu gaba ɗaya. Muka fitar da bayanansa. Naira 4,200 ta fita ranar Alhamis 6 ga Maris, ta sake fita 13 ga wata, ta sake 20 ga wata. Daga nan shiru na fiye da mako biyu. Sai ta dawo ranar Litinin 7 ga Afrilu, sannan 14, sannan 21. Sau shida ke nan, jimilla naira 25,200. Shirun nan na tsakiya shi ya ruɗe shi, domin ya ɗauka abin ya wuce tunda ya goge manhajoji da yawa a lokacin. Da muka duba ragowar kuɗinsa a waɗancan kwanaki sai muka ga dalili: ya kwashe kuɗin ya yi sari, asusun ya koma ƙasa da dubu biyu. An zo cira ranar 27 ga Maris ba a samu ba, aka dakatar da rajistar ana jira, ranar da wani abokin ciniki ya turo masa kuɗi sai cirar ta shiga, lissafin mako ya tashi daga wannan ranar. Abin da ya sa Alhamis ta koma Litinin ke nan.

Ya miƙo mini wayar yana cewa shi ya riga ya duba. Gaskiya ne, a asusun Google da yake amfani da shi babu komai. Amma akwai asusu uku a wayar, ɗaya daga ciki mai sunansa da lambobi huɗu a ƙarshe, wanda aka buɗe masa ranar da ya sayi wayar. A kan wannan tsohon asusun ne ya taɓa saka katinsa na Verve don ya ƙara wurin ajiyar hotuna, kuma a kansa muka tarar da rajistar: wata manhajar ɗaukar hoton takardu, 4,200 duk mako. Muka koma kwana uku baya daga 6 ga Maris, ya kama Litinin 3 ga wata. Sai ya yi shiru, can ya ce, "Ranar ce yarinyar nan ta karɓi wayata za ta tura takardun makaranta." Yarinyar ba ta yi niyyar sayen komai ba. Manhajar ta ƙi buɗewa sai an danna babban maɓalli mai cewa a fara gwaji kyauta, farashin yana ƙasa da ƙananan haruffa, katin kuma yana ajiye, taɓawa biyu suka gama aikin. Da an bar shi shekara guda, 4,200 sau 52 naira 218,400 ke nan, a kan abin da aka yi amfani da shi sau ɗaya.

Wannan lissafin nake so ki riƙa yi duk lokacin da kika ga farashi na mako. Masu irin waɗannan manhajoji suna zaɓar mako ne domin adadin ya yi kama da ƙarami, kuma gajeren gwaji na kwana uku yakan zo tare da shi. A ganina, in kin ga manhajar gyara hoto, ko ta goge datti a waya, ko ta karanta lambar QR tana neman kuɗi duk mako, ki bar ta kawai. Akasarin abin da take yi wayarki na yin sa kyauta.

Idan asusun da ke da rajistar ba ya kan wayar yanzu, misali yana kan tsohuwar waya ko ta wani a gida, akwai hanyar gane shi. Duk cirar da Google Play ya yi yana tura rasit zuwa Gmail ɗin da ya yi sayayyar. Ki buɗe kowane Gmail da kike da shi ki rubuta wannan a wurin bincike:

```
Google Play Order Receipt
```

Asusun da rasit ɗin suka fito a ciki shi ne mai rajistar. A cikin rasit akwai sunan manhajar, adadin kuɗi, da lambar oda mai farawa da GPA, wadda za ki buƙata in za ki nemi a dawo miki da kuɗi. Ki kuma tuna ko kin taɓa ba wani katinki ya saka a wayarsa, ƙani ko ɗa ko yaron shago, ko da sau ɗaya ne don sayen wani abu. Katin na nan a asusunsa har sai an cire.

Da kin same ta, sokewar ba wuya, amma sai an kai ƙarshe. Ki taɓa sunan manhajar, ki danna Cancel subscription. Za a tambaye ki dalili, ki zaɓi kowanne ki ci gaba. Wani lokaci za a ba ki tayin ragi, ko a ce ki dakatar na ɗan lokaci da Pause. Kada ki karɓa, domin dakatarwa ba sokewa ba ce, lokacin na cika cirar za ta dawo da kanta. Ki ci gaba har ki danna tabbatarwa ta ƙarshe. Za ki san ta soku idan shafin ya daina nuna ranar biya na gaba, ya koma nuna Canceled da ranar da damar amfani za ta ƙare, maɓallin kuma ya zama Resubscribe. Saƙon imel na tabbatarwa zai shigo. Ki ɗauki hoton fuskar wayar ki ajiye. Na ga mutane da dama da suka tsaya a shafin tambayar dalili suna zaton sun gama, mako na zagayowa aka sake cira. Ba kya buƙatar sake sauke manhajar don ki soke, kuma ba kya buƙatar izinin masu ita.

Ga mai iPhone a gidanku, hanyar ita ce Settings, a taɓa suna a can sama, a shiga Subscriptions. Idan an ga Renews da kwanan wata, rajistar na da rai. Idan Expires aka gani kuma babu maɓallin sokewa, an riga an soke ta. Matsalar asusu biyu na nan ma, musamman a wayoyin hannu da aka saya da asusun wani a ciki.

Maganar fita daga gwaji kafin a fara cira kuwa, abin da nake yi da kaina kuma nake gaya wa kowa shi ne a soke a zaman da aka fara. Kin danna fara gwaji, manhajar ta buɗe, kafin ki ajiye wayar ki koma Play Store ki soke. A Google Play wanda ya soke a tsakiyar gwaji yana ci gaba da amfani har ranar da gwajin zai ƙare, sai dai ba za a cire masa komai ba bayan nan. Ba ki rasa komai ba ke nan, kin dai cire wa kanki nauyin tunawa. In manhajar ta burge ki, sai ki koma ki yi rajista da saninki. A iPhone ma haka yake ga yawancin manhajoji, amma wasu ayyukan Apple na kansa suna yanke gwajin nan take idan aka soke, kuma allon yana faɗa kafin a tabbatar, sai a karanta.

Idan kin zaɓi ki jira, to ki san yadda ake ƙirga lokacin. Gwajin kwana uku da kika fara Litinin bayan sallar isha'i ba ya kai wa ƙarshen Alhamis, daidai lokacin da kika fara yake cika. Apple ma cewa ya yi a soke aƙalla awa 24 kafin gwaji ya ƙare, domin suna iya fara neman kuɗin tun kafin cikar lokacin. Ma'ana gwajin kwana uku kwana biyu ne a hannunki, na kwana bakwai kuma shida. Ki sa ƙararrawa a waya kwana biyu kafin ranar, ki rubuta sunan manhajar a jiki. Kada ki dogara da cewa za a turo miki tunatarwa ta imel, domin ko an turo, Gmail ɗin da ba kya buɗewa za ta shiga.

Kafin ma ki danna, akwai allon da ya cancanci daƙiƙa goma na lokacinki. Bayan babban maɓallin manhajar, wani ƙaramin allo na Google Play yana tasowa daga ƙasa. Wannan ba masu manhajar suka tsara shi ba, don haka shi ne ke faɗin gaskiya ba ado: ranar da za a fara cira, nawa ne, duk mako ne ko wata ko shekara, da lambobi huɗu na ƙarshen katin da za a cira. Ki kula da na shekara musamman. Akwai manhajojin da ke rubuta ƙaramin farashi na wata da manyan haruffa, amma gwaji na ƙarewa kuɗin shekara ɗungurungum ake ɗauka lokaci guda. Idan kuma manhaja ta tare ki da shafin biya tun buɗewar farko, ki duba kusurwar sama, galibi akwai ɗan X mai dusashen launi da ke bayyana bayan daƙiƙa kaɗan. Shi ne hanyar wucewa ba tare da rajista ba.

Wasu za su ba ki shawarar ki bar asusun babu kuɗi, ko ki toshe katin, shi ke nan. Labarin Alhajin nan ya nuna abin da ke faruwa da asusun da aka bari fanko: ba a soke rajista don an zo ba a samu ba, ana ci gaba da gwadawa na kwanaki har makonni, kuma ke mai sana'a ce, kuɗin ɗinki na iya shigowa kowane lokaci. Toshe kati ya fi wannan ƙarfi, domin yana tsayar da cirar a kan wannan katin. Amma rajistar na nan a asusun, kuma in kin karɓi sabon kati kin saka a Google ɗin nan kafin ta mutu da kanta, za ta kama shi. Idan akwai kati na biyu a asusun ma, ana iya komawa kansa. Ga kuma kuɗin sabon kati da layin banki. Toshewa na da wurinta: idan kin bi duk asusunki ba ki ga komai ba, babu rasit a kowane Gmail, babu wanda kika ba katin, to akwai yiwuwar wani ne ya samu lambobin katinki ya saka a nasa asusun. A nan kam ki toshe nan take ta manhajar banki ko lambar toshewa ta bankinki, ki kai ƙorafi a rubuce, sannan ki cike fom ɗin Google na cirar da ba a ba da izini ba, wanda suke karɓa cikin kwana 120 daga ranar cirar.

Game da kuɗin da aka riga aka cira, ba zan sa miki rai da yawa ba. Soke rajista ba ya dawo da na baya. A Google Play, idan ba a wuce awa 48 da cirar ba, kina iya neman a mayar ta shafin play.google.com, ƙarƙashin tarihin sayayya, inda za ki zaɓi cirar ki danna Request a refund ko Report a problem. Bayan awa 48 maganar ta koma hannun masu manhajar, sai ki rubuta musu ta adireshin imel da ke shafin manhajar a Play Store, ki saka lambar GPA, ki faɗi gaskiyar abin da ya faru a taƙaice. Wasu na mayarwa, wasu ba sa ko amsawa. Na Apple ana nema a nan:

```
reportaproblem.apple.com
```

Alhajin ya zo washegarin cira ta shida, saboda haka muka nemi ita nan take, kuma bayan 'yan kwanaki 4,200 ta dawo asusunsa. Sauran biyar ɗin ya rubuta, bai ji komai ba. Saboda haka ki duba ranar cirarki ta ƙarshe yau ɗin nan, in tana cikin kwana biyu ki nema kafin ki kwanta. Ina roƙon ki kuma kada ki shigar da shi a matsayin sata alhali kin san ke ko wani a gidanki ya danna. Ban da kasancewarsa ba gaskiya ba, yana iya sa a hana asusun da abin ya shafa yin sayayya nan gaba.

Ki yi hattara da inda za ki kai kukanki. Mutum ya rubuta ƙorafi a Facebook ko X a ƙarƙashin shafin banki, cikin mintuna wani mai hoton tambarin bankin ya tuntuɓe shi yana cewa zai mayar masa da kuɗi in ya turo lambar kati da lambar da za ta shigo wayarsa. Babu banki, babu Google, da zai nemi wannan. Na ga wanda ya bi sawun dubu huɗu ya rasa abin da ya tara na wata shida. Idan bankinki ne ya ƙi sauraron ƙorafin cirar da ba ki ba da izini ba, ki karɓi lambar ƙorafi, in mako biyu suka wuce ba a warware ba kina da damar kai maganar sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya.

Tunda kin zauna wannan aikin, ki duba layin wayarki ma, domin akwai wata rajistar da ba ta taɓa banki, kuɗin kira take ci. Waƙar kira, labaran ƙwallo, wasanni, naira ashirin ko hamsin kullum, har mutum ya saba da cewa kati ba ya daɗewa. Tun 2023 hukumar sadarwa ta NCC ta daidaita lambobin kamfanonin waya, kuma wannan ita ce ta dubawa da tsayar da irin waɗannan ayyuka a kowane layi:

```
*305#
```

Tura STOP zuwa 2442 yana hana saƙonnin talla da ke jawo mutum ya shiga irinsu, kuma in kamfanin layin bai warware miki ba, 622 ce lambar ƙorafi ta NCC, kyauta ake kira.

Abin da ya rage shi ne ki rufe ƙofar da aka shigo ta ita. A Play Store ki shiga Payments & subscriptions, ki nemi Purchase verification, ki saita shi ya riƙa neman zanen yatsa ko kalmar sirri a kowace sayayya. A wasu wayoyin yana ƙarƙashin Settings. Wannan ba ya hana rajistar da ke tafiya sabunta kanta, amma yana hana a fara sabuwa da taɓawa biyu, ko a hannun yaro ko a hannun mai ɗinki da kika ba wayar ta ɗauki hoton kaya. Idan ba kya sayen komai a Play Store, bayan kin soke rajistar ki shiga Payment methods ki cire katin baki ɗaya. Idan kuwa kina da abin da kike biya da saninki, to kada ya zama katin asusun shago ne a ciki. Ki ware ƙaramin asusu da katinsa daban, ki riƙa zuba masa daidai abin da za a cira, kuɗin kwastomomi da na sarin yadi su zauna inda babu wata manhaja da ta san lambarsa. Bankuna da yawa ma suna da wurin kashe sayayyar intanet a kan kati a cikin manhajarsu, POS da ATM su ci gaba da aiki, sai ki duba ko naki na da shi.

Idan kin bi asusun duka kin ga sunan da ba ki gane ba, ki kwafo abin da aka rubuta a gefen cirar harafi da harafi, tare da ranakun da adadin, ki aiko mini in duba. Kada ki haɗa da lambar katin.